Danye za ka auna ko dafaffe? Lissafin furotin ɗin ƙirjin kaza ga ɗan wasa

Wani ƙanena da yake buga ƙwallo yana kuma ɗaga ƙarfe ya zo min da waya a hannu ransa a ɓace, wai shi ya gaji, wani wuri an rubuta giram 100 na ƙirjin kaza yana da furotin giram 22, wani wurin kuma an ce 31, to wa zai yarda da shi? Na ce masa duka biyun gaskiya ne, na farkon danyen nama ake nufi, na biyun gasasshe. Ya yi shiru can ya ce ai shi wata biyu ke nan yana auna danye yana lissafi da 31. Wallahi abin ya dame ni, don yaron kuɗin da yake samu ba wani yawa gare shi ba, yana matse kansa ya sayi kaza, ashe kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yake rubutawa a littafinsa bai taɓa shiga cikinsa ba.

Abin da ke faruwa shi ne, danyen ƙirjin kaza kusan kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne. Ka ɗora shi a wuta, ruwan ne yake tsanewa, furotin ɗin yana nan inda yake sai ɗan abin da ba a rasa ba da yake bin romo. Shi ya sa tsokar da ta hau sikeli da giram 200 tana danya za ta sauko daga wuta da 140 zuwa 150, amma furotin ɗinta giram 44 ɗin nan ne dai, ya dai cure a cikin nama ƙarami. Alƙaluman da yawancin manhajojin lissafin abinci na waya suke amfani da su daga ma'aikatar noma ta Amurka suka samo asali, danye marar fata marar ƙashi wajen 22 da rabi, gasasshe 31, wanda aka dafa a ruwa wajen 29, soyayye wajen 33. Ni 22 nake amfani da shi a danye don lissafi ya yi sauƙi, kuma gara a rage kaɗan da a ƙara.

```
furotin (danye)    = nauyi × 0.22
furotin (gasasshe) = nauyi × 0.31
nauyin da zan auna = furotin da nake so ÷ 0.22 (ko 0.31)
```

To hanyoyin da mutum zai bi guda huɗu ne da na sani ana bi da gaske: ka auna danye, ka auna bayan an dafa, ka auna na tukunya gaba ɗaya kafin wuta da bayan wuta sannan ka raba, ko ka ƙiyasta da tafin hannu. Abubuwan da zan duba a kowace su ne nawa za ta ci maka, shin za ka iya ɗorewa a kanta wata da watanni ko sati biyu za ka yi ka watsar, sauƙinta a rana irin ta ɗan wasa da ya dawo a gajiye, da kuma haɗarinta, wato girman kuskuren da za ta iya jawowa da maganar tsafta.

Bari mu sa mutum ɗaya a gaba don kar magana ta tsaya a iska. Ɗan wasa mai nauyin kilo 75. Masana abincin 'yan wasa suna ba da tsakanin giram 1.2 zuwa 2.0 na furotin a kowane kilo na jiki a rana, mu ɗauki 1.6, ya zama giram 120 ke nan. Ba duka daga kaza zai fito ba, ƙwai biyu da safe sun ba shi wajen 12, ga wake da rana, ga kindirmo, ga ɗan abin da ke cikin shinkafa da burodi, a ce waɗannan sun haɗa masa 50. Saura 70, ya raba biyu, 35 bayan atisaye 35 da dare. Tambayar ita ce giram nawa na kaza zai ba shi 35 ɗin nan.

Auna danye

35 a raba da 0.22 ya ba ka 159, ka ce 160. Ka ɗora kwano a sikeli, ka danna maɓallin da aka rubuta TARE ya koma sifili, ka zuba tsoka har ta kai 160, shi ke nan, ko gasawa za ka yi ko soyawa ko ka jefa a miya lissafin ba zai canza ba, kuma wannan ita ce babbar fa'idar hanyar. Mai girki ya busar da naman ko ya bar shi da ruwa-ruwa, ba ruwanka.

Amma fa tsoka zalla ake nufi. A nan ne mu mutanen da muke sayen kaza a kasuwa a yanka mana a fige muke shiga matsala, don mai kaza ba zai ba ka ƙirji a cire ƙashi a cire fata kamar na babban kanti ba, zai sara maka ne da ƙashinsa da fatarsa. Ƙashi kaɗai yana cin wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ƙirjin, idan ka haɗa da fata da kitsen da ake yankewa ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku. Wato ƙirji mai giram 300 da komai nasa tsokarsa ba za ta wuce 195 zuwa 200 ba, furotin wajen 43, alhali wanda ya ninka 300 ɗin kai tsaye zai rubuta 66. Don haka wuƙa tukuna sannan sikeli. Kazar Hausa kuma ƙirjinta siriri ne, ƙashin ya fi cin kaso a kan na kazar gidan gona, ita dole ne ma ka fere ka auna, kar ka yi mata ƙiyasi.

Sai kaza mai ƙanƙara. Kar ka auna ta daga firiza, ka bari ta narke a firij, ka tsiyaye ruwan, ka goge sannan ka auna. Ruwan da ya taru a ƙasan roba ka biya kuɗinsa amma ba nama ba ne. Wasu kamfanoni kuma suna yi wa naman allurar ruwan gishiri don ya yi laushi, za ka gane idan an rubuta ruwa da gishiri a cikin kayan haɗi a jikin leda, irin wannan furotin ɗinsa a giram 100 yana ƙasa da 22, to ka bi abin da aka rubuta a ledar ka bar lissafina.

Kuɗin wannan hanyar na sikelin kicin ne mai lamba, irin mai ɗaukar kilo 5 yana nuna giram ɗaya-ɗaya, farashinsa ba ya wuce na kaza ɗaya ko biyu, sai batir lokaci-lokaci. Yana daɗewa idan ba ka bari ruwa ya shige shi ba, ba ka ɗora masa tukunya mai zafi ko abin da ya fi ƙarfinsa ba. Sikelin mai nama na kasuwa mai allura ba zai yi wannan aikin ba, ba don ana cuta ba, shi dai an yi shi ne don kilo-kilo, tsakanin zane da zane zai iya zama giram 50, kuma giram 50 na danyen ƙirji furotin 11 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na 35 ɗin da ake nema a ci ɗaya ke nan. Ka kuma duba sikelinka yana kan g ba oz ba, yara suna danne-danne su canza shi, oz ɗaya giram 28 da ɗoriya ne.

Haɗarinta ba a lissafi yake ba, a tsafta yake. Danyar kaza tana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela, kai kuma ga ka kana taɓa nama kana danna maɓalli kana ɗaukar waya ka rubuta. Kar nama ya taɓa fuskar sikelin, a kwano za ka sa, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa wayar. Gudawa ta kwana uku ana saura sati wasa ta fi kowane kuskuren giram 5 ɓarna.

Matsalarta ɗaya, sai kai ne kake girki ko mai girkin tana jin maganarka. A gidan da tukunya ɗaya ce ta kowa, ka je ka ce wa Umma ta ware maka giram 160 ta dafa daban kullum, kwana nawa za a yi ana haka?

Auna dafaffe

35 a raba da 0.31 ya ba ka 113. An gama girki, ka zare tsokar ƙirji daga ƙashi, ka cire fata, ka ɗora a sikeli. Sikelin ɗaya ne, kuɗin ɗaya ne, ba ka taɓa danyen nama ba, kuma ba ka takura wa kowa a gida ba, shi ya sa mutane suka fi ɗorewa a kanta.

Inda take da rauni shi ne 31 ɗin nan na naman da aka gasa daidai ne, wanda ya rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa. Mu kuma girkinmu ba haka yake ba. Mu a tafasa kaza sai ta yi laushi sannan a soya ta a mai sai ta yi ƙarau, ko mai gashi ya bar ta a gefen wuta tun la'asar har bayan isha'i. Ɗauki tsokar nan mai 160 danya mai furotin 35. Idan an dafa ta sama-sama ta fito da 125, ka ninka da 0.31 za ka samu 39, ka ƙara wa kanka 4. Idan ta bushe ta fito da 95 za ka samu 29, ka rage 6. Nama ɗaya, furotin ɗaya, amsa daga 29 zuwa 39. Ba bala'i ba ne, kuma idan hannu ɗaya ne yake maka girki iri ɗaya kullum kuskuren yana zama iri ɗaya, amma ka san da shi.

Yadda za ka gane kuwa ba wuya, idan ka yaga naman ka ga yana sheƙi da ɗan ruwa to ka ninka da 0.29 zuwa 0.31, idan yana zare-zare yana maƙale maka a wuya sai ka kora da ruwa to ya kai 0.33 ko fiye. Kar dai neman laushi ya sa ka ci wanda bai dahu ba, tsakiyar naman ya kamata ya kai digiri 74 a ma'aunin salshiyos.

Akwai kuma abin da yake manne wa nama yana ƙara masa nauyi. Miyar da ta lulluɓe shi, man da ya sha, fulawar da aka shafa kafin suya, duk sikeli bai san bambancinsu da tsoka ba. Ƙulin tsire shi ma yana da furotin nasa tunda gyaɗa ce, don haka bai cika ɓata lissafin furotin ba, amma man da ake yayyafawa yana ɗaga kalori sosai, wanda yake son sauke nauyi kafin gasa sai ya lura. Idan farfesu ne ko gasasshiya mai ƙashi, dabarar ita ce ka tsame yankan ka auna kafin ka ci, ka gama ka auna ƙashin da duk abin da ka bari, ka ɗebe. Ya hau da 170, ƙashi da fata sun dawo da 55, ka ci 115.

Kuskure mafi girma a nan shi ne na manhaja. Ka rubuta sunan naman ta kawo maka jeri, ka danna na farko ba ka duba ko an rubuta `raw` wato danye ko `cooked` wato dafaffe ba. Ƙanena abin da ya yi ke nan, ya auna 113 danye yana zaton 35 ne alhali 25 ne, giram 10 a kowane ci, 20 a rana, 140 a sati, ya fi abin da jikinsa yake buƙata a rana guda cur. Wanda ya yi akasin haka ya auna 160 dafaffe ya ci kusan 50, shi jikinsa bai rasa komai ba amma aljihunsa ne yake biya, kazar kwana huɗu ta ƙare a kwana uku.

Auna na tukunya gaba ɗaya

Wannan ita na fi so ga mai girkin kwanaki a lokaci ɗaya. Ka fere tsokarka duka ka auna danya, a ce ta ba da 960. Ninka da 0.22, furotin 211, wato ci shida na 35, abincin kwana uku ke nan ga mutuminmu. Ka gasa ko ka dafa duka, ka bari ta huce, ka sake aunawa. Ta ba da 690? Raba shida, kowane kaso 115. Wani satin wuta ta yi yawa ta ba da 600? Kowane kaso 100, kuma furotin ɗinsa 35 ne dai, don daga danyen ka ɗauko lissafin, nauyin dafaffen rabo kawai yake maka. Ka ga ta haɗa daidaiton ta farko da sauƙin ta biyu, danyen nama sau ɗaya ka taɓa.

Kuɗinta sikelin nan ne da robobi masu murfi, amma ainihin abin da take buƙata sanyi ne. Dafaffiyar kaza kwana uku zuwa huɗu take yi a firij mai aiki, firij ɗin da wuta take ɗaukewa rabin yini kuwa ba za ka dogara da wannan ƙa'idar ba, sai dai ka daskarar da kason gobe da jibi ko ka rage yawan da kake dafawa. Sannan ka huce da naman kafin awo na biyu, don yana tururi yana rage nauyi, kuma ka raba a take ka rufe, idan ka bari a kwano ɗaya wani ya zo ya ɗauki yanka biyu to lissafin ya tafi.

Ita ce kuma take nuna maka gaskiyar farashi. Ka raba kuɗin da ka biya da furotin ɗin da ka samu bayan ka fere, ba da kilon da aka auna maka ba. Kilo ɗaya na ƙirji mai ƙashi da fata furotin ɗin tsokarsa wajen 145 ne, kilo ɗaya na tsoka zalla 220, don haka zallan ko da ya fi tsada da rabin kuɗin wancan kusan kunnen doki suke, sai dai mai ƙashin ya bar maka abin yin romo.

Tafin hannu

Ba kuɗi, ba batir, ba abin da zai lalace, kuma tana tare da kai a sansani da hanya da gidan biki. Dafaffen yanka mai faɗi da kaurin tafin hannu ban da yatsu ana ƙiyasta shi wajen giram 85 zuwa 110, furotin 26 zuwa 34. Matsalar kauri ne, ido yana ganin faɗi amma ba ya ganin kauri, ƙirjin kazar gidan gona gefe ɗaya tudu ne gefe ɗaya siriri, kuma mai jin yunwa kullum yankan ƙarami yake gani. Kuskuren kashi ɗaya cikin huɗu ba abin mamaki ba ne. Tana gyaruwa idan ka ari sikeli na sati biyu, kullum ka fara faɗin nauyin da bakinka kafin ka ɗora, za ka ga idonka yana matsowa kusa.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Danye | sikeli da batir | sai kai ke girki | fere nama kullum | lissafi daidai, a kula da tsafta |
| Dafaffe | sikeli da batir | mai kyau a gidan tukunya ɗaya | mai sauƙi | giram 4 zuwa 6 sama ko ƙasa a ci ɗaya |
| Tukunya gaba ɗaya | sikeli, robobi, sanyi | mai kyau in akwai wuta | aiki sau biyu a sati | lalacewar nama |
| Tafin hannu | babu | ba ta ƙarewa | mafi sauƙi | kuskure mai faɗi |

Kar kuma a ɗauka danyen awo ya zama ba kuskure ko kaɗan. Kaza da kaza sun bambanta, ƙirjin da ka ga fararen layuka sun ratsa shi da yawa, irin na kajin da aka yi saurin girmar da su, kitsensa ya ɗan fi yawa furotin ya ɗan ragu. Giram ɗaya ko biyu a ɗari ne, bai kai ka hana kanka barci ba, amma ya isa ya nuna maka cewa rubuta 35.2 a littafi wahalar banza ce, 35 ta wadatar.

Ɗan dambe ko ɗan kokawa ko mai ɗaga ƙarfe da za a ɗora a sikeli kafin gasa, wanda kowane giram da kowace kalori suke da muhimmanci a makonnin ƙarshe, ya auna danye, ya cire fata, don fatar ce take ɗaga kalorin giram 100 daga wajen 120 zuwa wajen 170, ya kuma auna man da yake zubawa. Ɗalibi ko ma'aikacin da yake atisaye da yamma yana girka wa kansa ranar Lahadi da Laraba, in yana da firij mai riƙe sanyi, ya bi ta tukunya gaba ɗaya. Wanda yake cin abincin gida kamar ƙanena, ya ajiye sikelinsa kusa da inda yake cin abinci ya auna dafaffe, ya roƙi a bar shi sau ɗaya kawai ya auna tsoka ɗaya kafin ta shiga tukunya da bayan ta fito, ya ninka nauyin danyen da 0.22 ya raba da nauyin dafaffen, daga nan ya san lambar girkin gidansu, nasu ya fito 0.33 don Umma tana soyawa bayan tafasa, yanzu giram 105 yake ɗiba. Ɗan ƙwallon da rabin watansa a hanya yake, otal yau sansani gobe, ya horar da idonsa a gida ya tafi da tafin hannunsa, in yana shakkar yankan ya yi kaɗan ya ƙara dafaffen ƙwai ɗaya, giram 6 ne.